Banki ya ce takarduna ba su yi daidai ba: wacce zan gyara?

Tambaya: Barista, ni direba ne a wani kamfani a Jidda, wata biyu ke nan da fitowar iƙamata. Kamfani ya ce in buɗe asusu don a riƙa saka min albashi. Na gwada a waya bai yiwu ba, na je reshen banki, ma'aikacin ya duba takardun ya turo min su ya ce ba su yi daidai da juna ba. Na ba da adireshin yayana na Makka saboda gidan kamfani nake kwana. Wani mu'aƙƙib mai bin wa mutane takardu a ofisoshi ya ce in ba shi riyal 200 ya gyara sunan da ke takardar albashi a kwamfuta. Ga hotunan takardun na turo. Me doka ta ce, kuma ina zan dosa?

Amsa: Ɗan'uwa, na duba hotunan ɗaya bayan ɗaya. Tun kafin mu yi nisa, riƙe riyal 200 ɗinka a aljihu. Zan dawo kan mu'aƙƙibin nan.

Bankin bai zalunce ka ba. Dokar yaƙi da halasta kuɗin haram ta Saudiyya, wadda aka fitar a 2017, ta wajabta wa kowane banki ya tabbatar da ko wane ne abokin cinikinsa ta hanyar takardu ko bayanai masu inganci daga tushe mai zaman kansa, kuma ƙa'idojin buɗe asusu na babban bankin ƙasa, SAMA, sun sa iƙama ta zama shaidar baƙon da ke zaune a ƙasar. Shi ma'aikacin da ke bayan tebur ba shi da ikon cewa "ai na gane shi ne". Abin da ka rubuta a fom ana gwada shi da abin da ke rumbun bayanan ma'aikatar cikin gida, in suka saɓa, shi ke nan, hannunsa a ɗaure yake. Don haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: a cikin takardun nan, wacce ce uwa? Amsar ita ce iƙama, ita kuma daga fasfo ta samo asali. Sauran duk, fom da takardar albashi da shaidar adireshi, su ne za su bi ta.

Mu fara da lamba, domin nan ne babu sassauci ko kaɗan. Lambar iƙama alƙaluma 10 ce, tana farawa da 2. Ta ɗan ƙasa tana farawa da 1. A fom ɗinka ka rubuta lambar da ta fara da 2, farkonta daidai ne. Amma takardar albashin da kamfani ya ba ka tana ɗauke da lamba mai farawa da 3. Wannan lambar iyaka ce, wadda aka ba ka ranar da ka sauka a filin jirgi, kafin iƙama ta fito. Ma'aikacin kamfanin ya buɗe fayil ɗinka da ita, bai koma ya sabunta ba. A idon banki, takardar tana magana ne a kan wata lamba dabam da ta mai fom.

Akwai kuma abu na biyu da na gani a fom ɗin da ka cika da hannu. Alƙalami na bakwai a katinka ٦ ne, ka rubuta 7. Wanda ya saba da alƙaluman boko, idonsa yana ganin ٦ ya ɗauka bakwai ce, alhali shida ce. Yana ganin ٥ ya ɗauka sifili ce, alhali biyar ce. Ita kuwa sifilin ɗigo ce kawai, ٠, har wasu su tsallake ta su ƙare da alƙaluma 9. Na ga masu digiri sun faɗa wannan ramin, ba wai rashin karatu ba ne. In haka ka shigar a waya, shi ya sa manhajar ta ƙi ka tun a matakin farko. Maganinsa mai sauƙi ne: buɗe Absher, manhajar ma'aikatar cikin gida, ka juya shi zuwa Turanci, ka kwafi lambar daga can, ka ƙirga ta sau biyu da yatsa.

Suna shi ne inda maganar ta fi tsawo. Ba zan rubuta naka a nan ba, mu ɗauka misali sunan Sani Usman Garba ne, don matsalar iri ɗaya ce. A fasfon Najeriya, Garba yana gidan sunan iyali, Sani Usman suna gidan sunayen yanka. Da Jawazat, hukumar fasfo da iƙama, suka mayar da shi Larabci, sun rubuta shi yadda haruffan Turancin suka nuna: ساني. Kai kuma da ka yi makarantar allo ka san asalin sunan ثاني ne, sai ka rubuta haka a fom, ka kuma rubuta Thani a layin Turanci don ka ga ya fi kama da na Larabawa. Ma'aikacin kamfani shi kuma ya rubuta Garba da ج, alhali a iƙama da ق yake, tunda Larabci ba shi da harafin da ya yi daidai da "ga" ɗinmu, kowa yana zaɓar wanda ya saba da shi. Sai ga mutum ɗaya da suna uku.

A nahawu kai ne ke da gaskiya, amma banki ba nahawu yake dubawa ba. Abin da ake nema a fom shi ne sunan da ke iƙama, harafi da harafi, a jere yadda yake, ko da kana ganin an ɓata shi. Kada ka ƙara "Alhaji" ko "Malam", kada ka ƙara sunan garinku in ba ya cikin kati, kada kuma ka ƙirƙiro sunan kaka don kawai fom yana da gida huɗu irin na mutanen ƙasar. In sunayenka uku ne, ka tambayi ma'aikacin yadda suke cika gidan da ya rage.

Labari mai daɗi a naka shi ne iƙamarka ta yi daidai da fasfonka: haruffan Turanci ɗaya ne, jeri ɗaya, ranar haihuwa ɗaya. Saboda haka ba ka da abin yi a Jawazat. Kuskuren suna da lamba yana wuri biyu, fom ɗinka da takardar kamfani. Fom sabo za ka cika. Takardar kamfani kuma, wanda ya rubuta ta shi ne zai sake ta. Ka kai wa sashen ma'aikata hoton iƙama, ka ce su gyara fayil ɗinka, su fitar da sabuwar takarda da lamba mai farawa da 2 da suna yadda yake a kati, da sa hannu da hatimi. Ka roƙe su su duba kwantaraginka a Qiwa ma, shafin ma'aikatar ƙwadago, don in kuskuren yana can zai sake ɓullo maka ranar da za ka nemi haƙƙinka na ƙarshen aiki.

Da a ce iƙamar ce ta saɓa wa fasfo, da hanya ta canza: kafili ne zai nemi gyara a Jawazat, yana dogaro da fasfon, kuma sai an gama sannan a koma banki. Da kuma fasfon ne kansa ke da kuskure, sai an fara daga gida, wato a daidaita bayanan NIN, a yi sabon fasfo ta ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda ko ofishin jakadanci a Riyad, sannan a sabunta bayanan fasfo a Jawazat. Wannan doguwar tafiya ce, shi ya sa nake hana mutane tsokano ta don kawai suna son a mayar da س zuwa ث.

To, mu'aƙƙibi. Abin da ya ce zai yi maka, wato ya ɗauki takarda mai hatimin kamfani ya canza rubutun cikinta a kwamfuta, shi ne ake kira tazwiri, jabun takarda. Ba ya zama halal don abin da za a rubuta gaskiya ne. Canza takardar wani ba da saninsa ba shi ne laifin. Dokar hukunta jabu ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 da tarar da za ta iya kai riyal 300,000, ko ɗaya daga ciki, a kan jabun takardar da ba ta hukuma ba, kuma wanda ya yi amfani da ita yana sane hukuncinsa ɗaya da wanda ya buga. Kai ne za ka miƙa ta da hannunka a gaban kyamara, shi yana can yana shan shayi. Takardar da kamfani zai ba ka kyauta, me zai kai ka sayen ta jabu?

Saura adireshi. Abin da banki ke nufi shi ne adireshin ƙasa da ke rajiste a SPL, hukumar gidan waya ta Saudiyya, a ƙarƙashin lambar iƙamarka: lambar gini alƙaluma 4, sunan titi, unguwa, gari, lambar gidan waya alƙaluma 5, da ƙarin lamba alƙaluma 4. Akwai kuma gajeren adireshi, haruffa 4 da alƙaluma 4. Takardar da ka haɗa ta yayanka ce, sunansa da lambarsa ne a kai, ba ta shaida komai a kanka. Ga shi kuma fom ya ce Makka, takardar aiki ta ce Jidda. Kwana a gidan kamfani bai hana ka adireshi ba. Ka nemi gajeren adireshin ginin wurin mai kula da gidan, ka yi rajista da sunanka a manhajar SPL, ka sauke takardar shaidar, ka kwafe abin da ke cikinta zuwa fom. Masu tsohon adireshi a unguwannin Jidda da aka rushe tun daga ƙarshen 2021, irin su Gulail da Karantina, su ma su leƙa nasu, don wasu har yau gidan da babu shi ne ke rubuce a sunansu.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba amma na hango shi: lambar wayar da ka saka. In layin da sunan abokinka aka saye shi, zai iya tsayar da kai ko da komai ya daidaita, domin bankuna suna duba ko layin yana ƙarƙashin lambar iƙamar mai asusu. Ka sayi naka da iƙamarka, ka sa shi a Absher, ka kunna Nafath, manhajar tabbatar da shaidarka, da shi.

In ka koma da sabon fom da sabuwar takardar kamfani da shaidar adireshinka, amma aka sake mayar da kai, kada ka tashi sai ka tambayi wane gida ne takamaimai bai yi daidai ba. In ba a ba ka amsa ba, ka shigar da koke a bankin, ka karɓi lambar koken ka adana saƙon da za a turo maka. In bankin bai warware ba, da wannan lambar za ka ɗaukaka maganar zuwa SAMA ta shafinta na koke-koken abokan ciniki. Ba a kuma ɗaure ka da wannan bankin ba. Ka tambayi kamfani ko za su karɓi IBAN, wato lambar asusu, na wani banki, ka je can da takardun da aka gyara. Ka fara da ofishin ma'aikata gobe da safe, domin takardarsu ce kaɗai ba ta hannunka, ita ce kuma za ta fi ɗaukar kwanaki.