Katirij a cike, amma firinta na fitar da farar takarda

Tambaya: Salam Malam. Firintata HP DeskJet 2320 ce, da ita nake buga takardun jarabawar ɗalibaina. Kafin hutu na kai katirij ɗin biyu aka cika min su da tawada, na yi ta bugu lafiya lau, to bayan hutun wajen sati shida na dawo sai ta ja takarda ta yi ƙara kamar kullum amma ta fito fara fat ko ɗigo babu. Sabon katirij zan saya ko firintar ce ta mutu? Daga wata malama a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Don Allah kar ki sayi komai tukuna, ki ba ni minti ashirin na lokacinki, don ni zargina ya fi ƙarfi a kan bushewar tawada a bakin katirij, kuma wannan sau da yawa ruwan ɗumi ma na warware shi.

Fara da cire kwamfuta daga cikin maganar. Ɗora takarda mai rubutu a kan gilashin, danna maɓallin kwafi na baƙi, sannan ki sake da na kala. In kwafi ya fito da kyau to firinta ƙalau take, matsalar daga kwamfutar ce, ki cire direban, wato manhajar da ke haɗa firintar da kwamfuta, ki sake sa shi. In kuma ya fito fari, to mun san inda za mu nufa.

Irin wannan firintar tana amfani da katirij mai lamba 305, kuma kan da ke fesa tawadar a jikin katirij ɗin yake, ba a jikin injin ba. Juya shi ki duba ƙasansa za ki ga wani ɗan faranti mai sheƙi, a nan ne ƙananan ramuka suke, sun fi silin gashi siranta, ta nan tawada ke fita. Tawadar kuma yawancinta ruwa ne. Sati shida ba bugu, ga iskarmu ta arewa musamman lokacin hunturu da ko wanki ka shanya kafin ka juya ya bushe, ai dole ta daskare a bakin ramukan ta toshe su, ciki a cike amma hanyar fita a rufe. Firintar ita ba ta ganin abin da ke sauka a takarda, umarni kawai take bayarwa a fesa, shi ya sa take ta kai da kawo kamar komai daidai. Hatta adadin tawadar da take nuna miki a kwamfuta ƙiyasi ne take yi daga yawan bugun da aka yi, ba aunawa take ba.

Yanzu gwajin da na fi yarda da shi. Ninka tishu ki ɗan jiƙa shi da ruwa, ki ciro baƙin katirij ki danna ƙasansa a kai na daƙiƙa uku ko huɗu ki ɗaga. Mai lafiya zai bar layi baƙi ƙirin. Na kala zai bar layi uku, shuɗi da ja-ja da rawaya. In babu komai, ko tabon ya fito a yayyanke, to a toshe yake.

Sai ki samu ɗan faranti ki zuba ruwa mai ɗumi, ɗumin da za ki iya sa yatsa ki bari ba tafasasshe ba, kuma mai tsabta, in da tataccen ruwan nan da ake ƙara wa batir, ba asid ɗinsa ba, ya fi, don ruwan rijiya na iya barin gishiri-gishiri a ramukan. Zurfin kar ya wuce milimita 2 zuwa 3, iya ƙasan katirij ɗin kawai muke so ya taɓa. Ki tsayar da shi a ciki minti 5 zuwa 10, za ki ga tawada ta fara fita tana yaɗuwa a ruwan kamar hayaƙi, to alama ce hanya ta fara buɗewa. Ciro shi ki sake dannawa a tishu har layin ya fito cikakke. Waɗancan ɗigo-ɗigon masu launin tagulla da ke jikinsa nan ne wuta ke shiga, kar ruwa ya hau, in ya hau ki goge ki bari ya bushe sarai kafin ki mayar. Kuma don Allah ban da allura, ban da goga bakin da ƙarfi. Na taɓa ganin wanda ya sa tsinken sakace yana ƙoƙarin buɗe ramukan, katirij ɗin da zai iya tashi haka ya tafi.

Bayan kin mayar, buɗe manhajar firintar a kwamfuta ki shiga `Maintain Your Printer` sannan `Clean Cartridges`, ki yi sau ɗaya ko biyu ki gwada bugu. Kar ki yi ta maimaitawa sau bakwai takwas, tawada kawai yake sha.

Tunda cikawa aka yi akwai wani abu kuma. A saman katirij ƙarƙashin takardar da aka manna akwai ƙofar iska, dole iska ta shiga ta sama kafin tawada ta sauko ta ƙasa, kamar dai gwangwanin madara da sai an huda shi biyu yake zuba da kyau. Wasu masu cikawa in sun gama da sirinji sai su liƙe saman gam da salatif. Alamar wannan ita ce ki ga layin farko-farko sun fito sannan rubutun ya yi ta dusashewa har ya ɓace. In haka ne ɗaga salatif ɗin kaɗan. Wani lokacin kuma iska ce ke maƙalewa tsakanin soson da ke ciki da bakin, wannan ki mayar wa wanda ya cika, suna da ɗan abin da suke maƙalawa a ƙasa su zuƙo da sirinji har tawada ta biyo.

Abin da nake roƙonki shi ne ki daina tura mata bugu tana fitar da fari. A bayan kowane rami akwai ɗan abin da ke yin zafi ya tunkuɗo tawada, kuma tawadar ce ke sanyaya shi, in yana aiki a bushe sai ya ƙone, in ya ƙone kuwa babu gyara. Yadda za ki gane: tishu ya nuna layi cikakke, kin goge wajen tagullar, amma takarda har yanzu fara. Nan ne maganar saye ta shigo, kuma katirij za ki saya ba firinta ba. Ki fara da baƙi kaɗai tunda jarabawa kike bugawa, wannan firintar tana iya aiki da katirij ɗaya in an cire ɗayan. Sabon kuma yana zuwa da ɗan salatif a bakinsa, ki tabbata kin ɓare shi, mutane da yawa kan manta su ce an sayar musu da jabu.

In har bugun naki ya kai ɗaruruwan shafuka duk zango, ni da za ki ji tawa, nan gaba ki tara kuɗi ki sayi mai amfani da tona, wato lesa. Tona gari ne, ba ya bushewa ko ta yi wata uku a ajiye, sai dai tana cin wuta sosai lokacin bugu, ƙaramin inbata zai sha wahala da ita. Kafin nan dai, wannan da ke hannunki ki riƙa buga shafi ɗaya mai baƙi da kala duk sati ko ana hutu, kuma ki riƙa kashe ta da maɓallinta, don a lokacin ne katirij ke komawa gefe ya zauna a kan robar da ke rufe bakinsa. In aka ɗauke wuta tana tsakiyar aiki ya tsaya a hanya, da wuta ta dawo ki kunna ta ya koma mazauninsa sannan ki kashe.