Gyalen zuwa kasuwa lokacin zafi

Tambaya: "Daga ƙauyenmu nake zuwa kasuwar Gumel kan babur. Shifon, jesi, boyil ko auduga, wanne zan saya?"

'Yar'uwa, ɗauki boyil na auduga. Na yafa shifon a zafin Afrilu, iskar babur ta zame min shi har wuya. Sai da hular ciki da fil yake zama, kuma yawancinsa roba ne, gumi ke kwanciya ƙarƙashinsa. Jesi kam yana kama kai ba fil, amma da rana ɗumi gare shi, in an shanya shi a rataye sai ya miƙe. Boyil yana shan iska, yana tsotse gumi. Auduga mai kauri ki bari sai hunturu. Wankin farko da ruwan sanyi, shi kaɗai, don wani yana zuba. Ki shanya a inuwa.