Hoton kai ya fito lafiya, amma ya kasa riƙe shagonsa

"Maigidana tela ne, ya yi hatsarin babur wata 7 da suka wuce, ya bugu a kai. An ce hoton CT ba matsala, yana magana daidai, bai manta kowa ba. Amma sai ya yanka ɗinki ya bar shi ya kama wani, kuɗi ba ya zama a hannunsa, abu kaɗan ya hau faɗa. Danginsa sun ce lalaci ne. Akwai gwajin da zai nuna gaskiya?"

Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Akwai gwajin, kuma na zauna na ga an yi wa ƙanena, wanda shi ma ya bugu a goshi.

Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, bayan goshi, shi ke tsara abin da mutum zai yi, ya jera shi daki-daki, ya taka masa birki idan zai yi ɓaranɓarama, ya sa ya sauya hanya idan wadda ya ɗauka ba ta ɓulle ba. Ƙashin da wannan sashe ke kwance a kansa yana da kaushi, don haka idan kai ya girgizu da ƙarfi nan ne ke yawan gurzuwa. Ƙananan zaruruwan da ke haɗa sassan ƙwaƙwalwa su ma kan tsinke, kuma CT sau da yawa ba ya ganinsu, aikinsa ya fi ƙarfi wajen gano zubar jini da karayar ƙashi. Shi ya sa ilimin mutum da hirarsa ke nan lafiya lau, amma aiki ya gagara.

Gwajin ba na'ura ba ne. Masanin halayyar ɗan'adam ne na asibiti yake zama da mutum na 'yan awoyi, da takarda da fensir da agogo. Wanda ya fi buɗe mini ido shi ne gwajin katunan Wisconsin. An jera wa ƙanena kati 4, ana miƙo masa wasu ɗaya bayan ɗaya ya ajiye kowanne inda ya ga ya dace. Ana iya haɗawa ta launi, ko ta siffa, ko ta yawan zanen da ke jiki, amma ba a gaya masa wace ake so ba, "daidai" ko "kuskure" kawai ake ce masa. Nan da nan ya gano launi ne. Da ya ci sau 10 a jere sai aka sauya doka ba tare da an sanar da shi ba. Mai lafiya kan yi kuskure kaɗan ya farga. Shi kuwa ya ci gaba da bin launi, ana ta cewa kuskure, har da bakinsa ya ce "na san ba launi ba ne yanzu", hannunsa kuma ya sake ajiye ja a kan ja. Sani yana nan, ikon juya akalar ne ya tafi. Malalaci ba ya haka.

Sauran gajeru ne: ya ja layi a takarda daga 1 zuwa A, daga A zuwa 2, daga 2 zuwa B, har ƙarshe ana duba lokaci, sai kuma ya lissafo sunayen dabbobi iya ƙoƙarinsa cikin minti ɗaya. Ƙanena ya ambaci akuya sau uku bai lura ba.

Amma ki riƙe wannan da kyau: mutum na iya cinye duk gwajin nan kuma matsalar tana nan. Ɗakin shiru ne, mai gwajin ne ke cewa fara, tsaya, ga na gaba, wato ya ɗauke masa ainihin aikin da ya lalace. A 1991 wasu masana biyu, Shallice da Burgess, a Landan sun nuna haka da marasa lafiya 3 da suka yi kyau a gwajin basira, amma da aka aike su titin shaguna da jerin saye-saye da 'yan dokoki, sai suka rikice. Saboda haka ne ake ba majinyaci takardar tambayoyi, a ba na kusa da shi irinta. Ƙanena ya cika tasa kamar ba abin da ke damunsa, ta matarsa kuwa ta sha bamban, kuma wannan tazarar ita kanta alama ce, don raunin kan hana mutum ganin sauyin kansa.

Don haka ki bi shi, kada ya je shi kaɗai, kuma ki rubuta misalai takamaimai: ɗinki nawa ya yanka a mako, nawa ya gama, wane kuɗi ya kashe a kan me. Ki faɗi iya karatunsa na boko, domin an tsara yawancin gwaje-gwajen ne kan Turawa masu karatu, wanda bai saba da ABCD ba yana iya faɗuwa a gwajin haruffan ko kansa ƙalau, kuma akwai irinsa da ake yi da launuka. Ki ambaci barcinsa, da ko yana cikin damuwa, da magungunan da yake sha, musamman na farfaɗiya ko tiramol, duk suna rage maki. Ki nemi likitan da ya duba shi ya tura ku sashen masana halayya na asibitin koyarwa, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya kamar na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato, kuma ki roƙi rahoton a rubuce, ki kai wa danginsa.