An sauya mini aiki a tsakiyar shekara, da wane buri za a auna ni?

Tambaya: Ni ma'aikacin banki ne a Maradi. A Janairu mun sa hannu da shugaban reshe cewa zan buɗe asusu 120 a shekara. Ƙarshen Yuni aka mayar da ni wurin karɓa da biyan kuɗi, ina da 66. Ga awon ƙarshen shekara ya zo. Na faɗi ke nan?

Amsa: Malam, ba ka faɗi ba, amma takarda ce za ta yi maka shaida. Fara duba makin da aka ɗora wa wannan buri, don kowane buri da nasa nauyi. Mu ɗauka buɗe asusu maki 40 ne cikin 100, sauran 60 kuma an raba su tsakanin daidaiton kuɗin akwati da cikar takardun masu asusu.

In aka bar burin yadda yake, 66 cikin 120 kashi 55 ne cikin ɗari, wato maki 22. Amma wata shida ka yi a kan teburin, rabonka 60 ke nan, ka ma wuce shi da shida. Da wannan lissafin makinka 40 ne cif, ko fiye in tsarin bankinku yana ba da lada kan ƙari. Maki 18 ke tsakanin lissafin biyu, kuma sun isa su sauke mutum daga wani mataki zuwa na ƙasa, garaɓasarsa ta ragu.

Daidai shi ne a gyara burin a rubuce tun ranar da aka sauya ka, a kuma ba ka na sabon wurin. Shugabanni da yawa sukan ce "kar ka damu, na sani", sai dai ofishin kula da ma'aikata da ke Yamai abin da ke rubuce kawai yake gani. Don haka ka shiga zaman da takardar sauyin aikinka da rahoton asusun wata-wata, ka nemi a raba shekarar gida biyu. Wata shidan ƙarshe a auna ka da aikin akwati: sau nawa aka samu giɓi ko rara a rufewar yamma, kuma na nawa. Rara ma kuskure ce, tunda kuɗin wani ne ya rage a hannunka.

Sai ka shirya wa tambaya ɗaya: cikin 66 ɗin nan, nawa ke motsi? Asusun da ɗan kasuwa ya buɗe don kunyarka, bai sake zuba ko dala ba, wasu bankunan ba sa ƙirga shi.

In shugaban ya ƙi gyarawa, rubuta ƙorafinka tare da kwanan watan sauyin a gurbin bayanin ma'aikaci kafin ka sa hannu, ka kuma nemi kofe.