Motar sitefa ko ta servo: me inkoda ke canzawa?

"Injin sassaƙata yana kauce wa layi idan na ƙara gudu. In koma servo ne, ko in ɗora wa sitefar inkoda?"

Malam, duba gudun tukuna. Sitefa motar lantarki ce da ke juyawa taku-taku; mai taku 200 a zagaye ƙirga taku kawai take yi, ba ta san inda ta tsaya ba. Kaya ya fi ƙarfinta, sai ta zubar da taku, galibi huɗu-huɗu, aikin ya ci gaba a karkace. Alamar ita ce kuskuren ba ya gyaruwa sai ka mayar da injin mafarinsa.

Inkoda, na'urar da ke auna juyin motar, za ta ga wannan gocewar, direba, wato na'urar da ke sarrafa motar, ya gyara ko ya tsayar da injin, motar ma ta rage zafi. Amma ba ta ƙara mata ƙarfi ko kaɗan, kuma ƙarfin sitefa raguwa yake yi yayin da gudu ke ƙaruwa. In a babban gudu kake gocewa, sayi servo, motar da ke riƙe ƙarfinta a irin wannan gudun, ka haƙura da wahalar saita ta. In jefi-jefi ne a ƙaramin gudu, inkoda ta ishe ka.