Na shiga wadirob don in kashe amsa-kuwwa, murya ta ƙara lalacewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina yi wa masu shaguna muryar talla da wayata, su sa a WhatsApp, wani lokaci a kai gidan rediyo. Ɗakina na siminti ne, ƙasa tayil. In na saurari abin da na ɗauka sai in ji kamar a cikin rijiya nake magana. An ce in shiga wadirob in rufe ƙofa, na shiga, sai muryar ta dushe tana wani gum-gum. Na lulluɓa da bargo, zafi ya koro ni. Ko waya zan canja? Daga wata mai karatu a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Bar kuɗinki a jaka, wayarki lafiyarta ƙalau. Ko wadda ta fi ta tsada sau goma kika kawo ɗakin nan, abin da za ta ɗauka ke nan.

Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a cikin sakan ɗaya. In kika yi magana, wani sashe na muryar ya nufi makirfon waya kai tsaye, sauran kuma ya bazu, ya daki bango, ya daki tayil, ya daki rufi, ya dawo. Bangon da ke mita 2 daga gare ki yana maido da muryar cikin kusan kashi ɗaya bisa ɗari na sakan. Siminti mai sumul da tayil ba su shan komai, sai su yi ta miƙa wa juna sautin, makirfo kuwa yana kwashe duka. Ke da kike cikin ɗakin ba ki damu ba, don kunne biyu da ƙwaƙwalwa suna tace abin da ya dawo daga bango. Makirfo ba ya da wannan dabarar.

Kafin ki taɓa bargo, duba tazarar da ke tsakanin bakinki da waya, don nan ne mafi yawan mutane ke yin asara. Duk lokacin da kika rage tazarar da rabi, muryar da ke shiga kai tsaye tana ƙaruwa da kusan 6 dB a ma'aunin ƙarfin sauti, alhali amon ɗakin yana nan yadda yake. A ce kina ajiye waya a kan tebur, santimita 60 daga bakinki. Kika matso da ita santimita 30, kika sake matsowa zuwa 15: kin sami 12 dB ke nan a kan ɗakin ba ki kashe ko dala ba. Ma'aunin da nake ba mutane shi ne taƙi ɗaya, daga babban yatsa zuwa ɗan ƙarami. Ki kuma tuna babban makirfon waya a gindinta yake, kusa da ramin caji, don haka gindin ne zai dubi wajenki. Kada ki riƙe ta a hannu, motsin yatsu yana shiga. Ki ɗora ta a kan abin tsayar da waya, ko kan littattafai da aka shimfiɗa wa tawul.

Yanzu wadirob. Wanda ya ba ki shawarar bai yi ƙarya ba, rabin zancen ya faɗa. Tufafin da ke ciki su ne ke aikin, katakon ba ya taimakon komai. Da kika ja ƙofa kika rufe, kin sa kanki a akwatin da zurfinsa bai wuce santimita 60 ba, katako a gabanki, katako a bayanki. Siraran sautuka irin na "s" da "sh", tsawon igiyarsu, wato tazarar da ke tsakanin kaɗawar sauti ɗaya da ta gaba a cikin iska, santimita kaɗan ne, ko riga ɗaya tana iya shanye su. Kaurin muryar mace kuwa igiyarsa ta wuce mita ɗaya da rabi, ƴan riguna ba su iya tare shi, sai ya yi ta kai-komo tsakanin katakai. Hasken muryar ya tafi, kaurin ya taru. Wannan shi ne gum-gum ɗin da kika ji, kuma yana da wuyar gyara a kwamfuta.

Abin da za ki yi shi ne ki bar wadirob a buɗe, ke kuma ki tsaya a bakinsa. Bari mu ɗauka ɗakin mita 3 ne da mita 4, wadirob mai ƙofa biyu yana jikin bango ɗaya. Ki buɗe ƙofofin su miƙe zuwa cikin ɗaki, ki rataya wa kowacce bargo ko babban tawul ta ciki. In akwai madubi a jikin ƙofar, shi za ki fara rufewa, gilashi ma yana maido da sauti kamar siminti. Ki matso da kayan rataye masu kauri tsakiya, dogayen riguna, hijabai, rigunan sanyin da kika ajiye tun bayan hunturu, su cika wurin da fuskarki za ta duba, kada a ga katakon baya. Waya ta zauna daidai tsayin bakinki, a gaban kayan, amma kada ta taɓa su. Sai ki tsaya ko ki zauna a tsakanin ƙofofin, kina fuskantar tufafi. Ƙarƙashin ƙafarki darduma ko kafet.

Saura bayanki, inda kusan kowa ke mantawa. Makirfon waya yana ji ta kowane ɓangare, kuma bangon da ke bayanki yana kallonsa ta kan kafaɗarki. Ki ɗaura igiya ta ratsa ɗakin, kamar mita ɗaya a bayanki, ki rataya bargo mai nauyi a ninke biyu, ya kai daga saman kanki zuwa ƙugu ko ƙasa da haka. In akwai katifar soso da za ki iya tayarwa tsaye ki jingina da kujera, ta fi bargon, don ta fi shi kauri. In silin ɗin gajere ne, ki yafa wani bargo a saman ƙofofin biyu ya zama rumfa. Tsakanin ƙofofin da bargon baya, gefe da gefe a buɗe suke, iska na shiga, kina numfashi.

Akwai dalilin da ya sa na ce igiya ban ce ƙusa ba. Bargon da aka manna a bango sirarin sauti kaɗai yake sha. In aka bar masa rata ta santimita 10 ko fiye tsakaninsa da bangon, aka kuma bar shi ya yi tattara maimakon a ja shi ya miƙe, yana kamo har da wani sashe na kaurin. Game da irin yadin kuma, ga gwaji mai sauƙi: ki kara shi a baki ki hura. In iska ta wuce da ƙyar, zai yi aiki. In ta wuce fayau kamar a gidan sauro, ya yi sirara. In ba ta wuce ba sam, kamar leda ko tamfol, maido da sauti zai yi. Atamfa falle ɗaya ba ta isa ba. Kiret ɗin ƙwai da ake liƙawa a bangon wasu wuraren ɗaukar waƙa, ni dai ba na ba kowa shawararsa, kwalin ya yi sirara, ga tara kyankyaso.

Tunda a Birni kike, in gidanku akwai tsohon ɗakin laka mai rufin azara, da gado da labule a ciki, ki gwada shi. Sau da yawa ya fi falon siminti daɗin murya tun kafin a rataya komai, saboda bangonsa ba sumul yake ba. Sai dai ki kula da kwanukan jere: in kika ɗaga murya kusa da su, sukan yi wani siririn amo da waya ke ɗauka. Ki yafa musu zane.

In kin gama shiri, ki tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi a inda bakinki zai kasance. Ya kamata ki ji tafin ya mutu nan take. In ya ja wutsiya yana zirrr, akwai bango biyu masu kallon juna da ba a rufe ko ɗaya ba. Daga nan ki ɗauki jimla ɗaya ta tallar sau uku: a tsakiyar ɗaki, a bakin wadirob ba bargon baya, sannan da bargon. Ki saurara da abin kunne, lasifikar waya tana ɓoye laifi. Ƙarshen kalmomi za ki kasa wa kunne. In kalma ta ƙare amma wani abu yana biye da ita, ɗakin yana shigowa, ki matso da bargon baya ko ki ƙara matsawa kusa da waya. In muryar ta yi nauyi ta toshe, kin kutsa ciki da yawa, ki ja baya taku ɗaya ko ki cire rumfar sama. In kina jin fuf duk inda "f" ko "b" suka fito, iskar bakinki ce ke dukan makirfo, ki karkatar da wayar gefen baki kaɗan maimakon saitin leɓe. In kuma sautin yana tsagewa wajen da kika ɗaga murya, kamar wajen faɗin farashi, ya yi ƙarfi: a manhajar da ke nuna ma'auni, ki bar shi yana wasa tsakanin -12 da -6 dB, kada ya taɓa 0.

Abu ɗaya da bargo ba zai yi miki ba: ba ya tare ƙarar waje. Kabu-kabu, injin markaɗen maƙwabta, janareta, ruwan Agusta a kan kwano, duk za su shigo ko barguna goma kika rataya, don tare ƙara aikin bango mai nauyi ne da ƙofar da ba ta da kafa. Maganinsu lokaci. Ki rufe taga ki ɗauka da dare bayan gari ya yi shiru, ko da sassafe kafin babura su fito, in zakarun unguwa sun yarda. Zafi ma haka. A Afrilu da Mayu, lokacin da garin ke haura digiri 40, fanka dole a kashe ta yayin ɗauka, to ki bar ta tana aiki har sai kin haddace rubutun, ki kashe, ki ɗauki jimla biyu ko uku, ki kunna ki huta. Tallar sakan 45 ba ta buƙatar a yi ta da numfashi ɗaya, ana haɗa gutsattsarin daga baya, muddin ba ki canja wurin tsayuwa da tazarar waya ba.

Ki sa wayar a "Mode avion" kada kira ya katse ki. Kada ki ɗauka da maɓallin saƙon murya na WhatsApp, yana matse sautin ƙwarai. Ki ɗauka da manhajar ɗaukar murya, a tsarin WAV in tana da shi, ki aika a matsayin "Document" don fayil ɗin ya isa yadda yake. A farkon kowace ɗauka ki yi shiru na sakan 5. Wanda zai haɗa tallar a manhajar gyaran sauti ta Audacity zai ɗauki samfurin wannan shirun ya ba "Noise Reduction", ta rage masa shuuu ɗin da ba ya canjawa. Amsa-kuwwa kam ba ta cire ta, in ya matsa mata da yawa ma muryarki ce za ta fara karkarwa.