Me ya sa aka ce «mon école» alhali «école» mace ce?

Tambaya: Malam, a aikin cike gurbi na Faransanci an ba mu «Mon école est ___ (nouveau)». Ganin «mon» sai na rubuta «nouveau», aka soke. A «un ___ (beau) arbre» na sa «beau», nan ma aka soke. Ina matsalar take?

Amsa: 'Yar uwa, abu guda ne ya kayar da ke sau biyu: wasalin da ke farkon sunan. Faransanci ba ya son «ma», «ta», «sa» su ci karo da wasali, don haka idan sunan mace ya fara da wasali sai a ari «mon», «ton», «son», domin daɗin furuci kawai. Jinsin sunan yana nan yadda yake. «École» mace ce, shi ya sa ake cewa «une école», amsar kuwa «nouvelle». Saka wata sifa mai farawa da baƙi a tsakani ki gani: «ma petite école». Nan take «ma» ta dawo.

Saboda haka kada ki yarda da shaidar «mon» ko «l'» a gaban wasali. Kafin ki cike gurbi, ki gwada sunan da «un» ko «une». A «L'eau est ___ (froid)», misali, ƙarshen -eau yakan nuna namiji, kamar «le bateau», amma «eau» da «peau» mata ne. Amsa: «froide».

Na biyun kuma, «arbre» namiji ne, kin yi daidai a nan. Sai dai «beau», «nouveau» da «vieux» suna da wata siga ta daban da suke ɗauka idan suka zo dab da suna namiji, tilo, mai farawa da wasali ko h marar sauti: «un bel arbre», «le nouvel an», «un vieil homme». A kunne daidai suke da «belle», «nouvelle», «vieille», abin da kan sa ɗalibai su ɗauka sunan mace ne su rubuta «belle arbre». Sharuɗɗan nan sai sun cika duka. Idan sifar ta koma bayan aikatau, «cet arbre est beau» za a ce. Idan jam'i ne, «de beaux arbres».

Wani tarkon daga Hausa yake fitowa. Mun saba yawancin sunayen mata suna ƙarewa da -a, sai mu nemi irin wannan doka a -e na Faransanci. Ba ta da tabbas: «problème», «système», «musée», «lycée» duk maza ne, don haka «un problème sérieux» ne, ba «sérieuse» ba. Jinsin Hausa ma ba jagora ba ne. Gida namiji ne a wurinmu, «maison» kuwa mace. A littafinki ki riƙa rubuta kowane sabon suna tare da «un» ko «une», musamman masu farawa da wasali, tunda «l'» yana ɓoye jinsinsu.